Kafin ka biya kuɗin mota, duba lambar shasi

Mai sayen tokumbo yakan tafi da bakanike, a saurari inji, a leƙa ƙarƙashi, a duba fenti. Amma akwai lahanin da kunnen bakanike ba ya ji, domin tun daga masana'anta motar ta fito da shi. Idan irin wannan lahani na barazana ga rai, kamfani kan yi shelar a dawo da motocin ya gyara kyauta. Da yawa a cikin waɗanda ake sauke mana ba a taɓa mayar da su ba.

Mafi muni shi ne na jakar iskar kamfanin Takata, wadda aka yi shelar dawo da kimanin miliyan 67 a Amurka. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima. Ranar da aka yi karo, sai gwangwanin da ke ɗauke da shi ya tarwatse, ya watsa wa mutum ƙarafa a fuska da wuya. An rasa rayuka ta haka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu fitilar da ke kamawa a gaban direba don gargaɗi, ga shi kuwa motocinmu na yau da kullum ne: Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 duk suna ciki.

A ce Accord ce dillali ya nuna maka. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Gwada ta da wadda ke jikin ƙofar direba da ta takardun kwastan; in sun saɓa, ka haƙura da motar. Alƙalami na goma shi ne shekara, wato 5 na nufin 2005, ko me dillali ya faɗa. Sai ka buɗe nhtsa.gov/recalls a wayarka ka shigar da lambar. Zai nuna maka gyaran da aka yi shela ba a kai ga yi ba. In jakar iska ta fito, tuntuɓi wakilin kamfanin ka ji ko za su canza, kafin ka ba da ko sisi. Kada ka yarda da ta gwanjo, wataƙila ita ma mai lahanin ce.

Shafin yana da iyaka. Motocin kasuwar Amurka kawai ya sani, 'yar Beljiyom sai a shafin kamfaninta. Kuma ba kowane lahani ake yi wa shela ba. Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda fistin da ringi, amma ba za ka ga haka a can ba. Wannan sai ka zaro sandar awon mai, ka sa a taka totur ka dubi hayaƙin salansa, sannan ka tambayi bakaniken da ya saba kwance irin injin.