Yadda Taga Mai Zamewa Ke Gano Yanki Mafi Tsawo a Jerin Lambobi

Akwai wata tambaya da masu koyon rubuta manhajar kwamfuta kan ci karo da ita da wuri. Ana ba mutum jerin lambobi da wani adadi da ake kira `k`, a ce ya nemo yanki mafi tsawo a cikin jerin wanda nau'o'in lambobin cikinsa ba su wuce `k` ba. Sharaɗin yankin shi ne ya kasance a manne, wato lambobin da ke bin juna ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. A shafin LeetCode, tambaya ta 904 ita ce wannan matsala a lokacin da `k` yake 2, ta 340 kuma ita ce irinta a kan haruffa.

Misali zai fi fito da ita fili. A ɗauki wannan jeri mai lambobi 9, `k` kuma ya zama 2:

```
[1, 2, 1, 3, 3, 2, 2, 3, 4]
```

Yankin 1, 2, 1 ya cika sharaɗi, domin nau'i biyu ne kawai a cikinsa duk da cewa lambobin uku ne. Yankin 2, 1, 3 bai cika ba.

Hanyar da ta fi saurin zuwa a rai ita ce a gwada kowane yanki ɗaya bayan ɗaya. Jeri mai lambobi `n` yana da yankuna `n(n+1)/2`. A misalin nan 45 ne kacal, amma idan lambobin suka kai 100,000, yankunan za su haura biliyan 5, kuma yawancin aikin maimaici ne, domin kowane yanki ya ƙunshi kusan duk abin da ke cikin maƙwabcinsa.

Dabarar taga mai zamewa tana kawar da wannan maimaici. Ana riƙe yanki guda ɗaya tak, wanda ake kira taga, mai gefen hagu da gefen dama. Gefen dama yana matsawa gaba taki ɗaya a kowane zagaye, yana shigo da sabuwar lamba. Muddin nau'o'in ba su wuce `k` ba, gefen hagu yana nan inda yake, tagar tana ƙara faɗi. Da zarar sun wuce, sai gefen hagu ya bi baya, yana fitar da lambobi har sharaɗin ya dawo daidai. Daga nan a auna tsawon tagar, a ajiye shi idan ya zarce na baya.

Abin da ke sanar da manhaja yawan nau'o'in da ke cikin tagar shi ne teburin ƙidaya. Kowace lamba da ke cikin tagar tana da gurbi a teburin, inda ake rubuta sau nawa ta bayyana. Idan lamba ta shigo a ƙara ɗaya, idan ta fita a rage ɗaya, idan ƙidayarta ta koma sifili a goge gurbin baki ɗaya. Ta haka yawan gurabe yake zama daidai da yawan nau'o'i.

A misalin da ke sama, lambobi ukun farko suna shiga lafiya: 1 sau biyu, 2 sau ɗaya, tsawo 3. Sai 3 ta shigo, gurabe suka zama uku. Gefen hagu ya fitar da 1 ta farko, amma ƙidayarta ta sauko ne kawai daga biyu zuwa ɗaya, saboda akwai wata 1 a ciki, don haka gurabe na nan uku. Dole ya sake matsawa. Ya fitar da 2, ƙidayarta ta zama sifili, aka goge ta, tagar ta koma 1, 3. Wata 3 ta shigo, tsawo ya sake zama 3. Da 2 ta dawo, sai aka fitar da 1 da ta rage, tagar ta zama 3, 3, 2. Lambobi biyu na gaba, 2 da 3, ba su kawo sabon nau'i ba, tagar ta faɗaɗa zuwa 3, 3, 2, 2, 3, tsawo 5. A ƙarshe 4 ta shigo, gefen hagu ya yi taki huɗu a jere kafin 2 ta ƙare, aka bar 3, 4. Amsa ita ce 5.

Ga yadda ake rubuta shi da harshen Python:

```python
def mafi_tsawo(jeri, k):
    kidaya = {}
    hagu = amsa = 0
    for dama, x in enumerate(jeri):
        kidaya[x] = kidaya.get(x, 0) + 1
        while len(kidaya) > k:
            y = jeri[hagu]
            kidaya[y] -= 1
            if kidaya[y] == 0:
                del kidaya[y]
            hagu += 1
        amsa = max(amsa, dama - hagu + 1)
    return amsa
```

Mai lura zai tambaya: me ya sa gefen hagu ba ya taɓa komawa baya, kuma ba a rasa amsar ba? Dalilin shi ne ƙashin bayan dabarar duka. Idan wani yanki ya riga ya ƙunshi nau'o'i fiye da `k`, duk abin da aka ƙara masa daga dama ba zai rage su ba. Tun da 2, 1, 3 ya karya sharaɗi, kowane yanki da ya fara daga wannan 2 ya wuce 3 shi ma karyayye ne, babu amfanin waiwayarsa. Saboda haka kowace lamba tana shiga sau ɗaya, tana fita sau ɗaya in ta yi yawa. Ganin `while` a cikin `for` kan sa a zaci aikin ninki ne, alhali jimillar takun gefuna biyun ba ta wuce `2n` ba, wato 200,000 a jeri mai lambobi 100,000. Teburin kuwa ba ya taɓa ɗaukar gurabe fiye da `k+1`.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne amfani da `set` a maimakon teburin ƙidaya, domin manhajar ba za ta yi ƙorafi ba. `set` yana tuna cewa lamba tana nan, ba ya tuna sau nawa. A misalin nan, da aka fitar da 1 ta farko zai ɗauka 1 ta ƙare, alhali akwai wata a tsakiyar tagar, sai ya ba da amsa 7 a madadin 5. Ana gane shi ne ta gwada ƙananan jeruka masu maimaituwar lambobi, a kwatanta sakamakon da na hanyar gwada kowane yanki. Mantawa da layin `del` ya fi sauƙin kamawa: yawan gurabe ba zai taɓa raguwa ba, gefen hagu zai zarce na dama, manhajar ta tsaya da `KeyError` ko `IndexError`. Akwai kuma `+ 1` na lissafin tsawo, wanda in aka bar shi kowace amsa za ta gaza da ɗaya.

Dabarar tana da iyaka, kuma iyakar tana fitowa ne daga dalilin da aka ambata. Tana aiki idan faɗaɗa yankin da ya karya sharaɗi ba zai iya gyara shi ba. Idan tambayar ta koma neman yanki mafi tsawo wanda jimillarsa ba ta wuce wani adadi ba, kuma jerin yana da lambobin ƙasa da sifili, to ƙarin lamba ɗaya na iya sauko da jimillar, yankin da aka yar ya sake zama halastacce. A irin wannan hali gefen hagu yana iya wuce mafarin amsar gaskiya, don haka ana komawa ga wata hanya dabam, galibi wadda ke ajiye jimillar lambobi tun daga farkon jeri zuwa kowane gurbi.