Nawa Saƙonnin Tes Za Su Ci A Wata? Ga Yadda Ake Lissafi

Makarantu da asibitoci da ƙananan bankuna da yawa sun koma aika wa jama'a saƙon tes ta hannun kamfanonin da ke tura saƙo da yawa a lokaci guda. Sai wata ya ƙare, mai kula da asusu ya ga kuɗin ya ninka abin da aka tsara. Dalili kuwa shi ne kamfanin ba saƙo yake ƙirgawa ba, shafi yake ƙirgawa, kuma kowane shafi farashinsa ya danganta da hanyar da ya bi.

Shafi ɗaya na ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, muddin duk haruffan suna cikin jerin da ake kira GSM-7. Idan saƙo ya wuce haka, sai a raba shi, kowane shafi ya koma ɗaukar 153, domin ana ware ɗan wuri ga alamar da waya ke amfani da ita ta sake haɗa su. To amma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya tak ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma tsarin UCS-2, inda shafi ke ɗaukar haruffa 70 kacal, ko 67 idan an raba. Hoton fuskar murmushi ma haka yake yi.

Sai batun hanya. Tun 2016 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ba masu waya damar toshe saƙonnin talla ta lambar 2442, abin da ake kira DND. Hanyar talla ta fi araha, amma ba ta kai wa layin da aka toshe. Hanyar saƙon hulɗa, irin ta rasidi da lambar sirri, ita ke shiga irin waɗannan layuka, kuma ta fi tsada. Lambar ƙasar waje kuwa farashinta daban ne, galibi da dala ake yanka shi.

Mu ɗauki wata makaranta a Katsina mai iyaye 1,200. Farashin da za mu sa na misali ne, kowa ya duba na kamfaninsa: naira 4 a hanyar talla, naira 6 a hanyar hulɗa. Makarantar na aika sanarwa mai haruffa 150 sau huɗu a wata, saƙo 4,800 ke nan. Idan babu harafi mai lanƙwasa, kowane saƙo shafi ɗaya ne, kuɗin ya kama naira 19,200. Tana kuma aika rasidin biyan kuɗi 900 masu haruffa 120 ta hanyar hulɗa, naira 5,400. Jimla 24,600.

Yanzu a rubuta saƙonnin nan da daidaitacciyar Hausa. Sanarwar ta koma shafi uku, tunda shafi biyu haruffa 134 kawai za su ɗauka, kuɗinta ya tashi naira 57,600. Rasidin ya koma shafi biyu, naira 10,800. Jimla 68,400, alhali ba a ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan ba hujja ba ce ta yin watsi da haruffanmu, domin wani lokaci su ne ke raba ma'ana da ma'ana. Wanda ya zaɓi riƙe su sai ya taƙaita saƙonsa zuwa haruffa 70 ko 134, ya kuma sa kuɗin a kasafi tun farko.

A ce kuma akwai wasu iyaye 30 a Maraɗi masu lambar Nijar, shafi ɗaya zuwa can naira 80. Sanarwa huɗu masu shafi ɗaya za su ci naira 9,600, rabin abin da iyaye 1,200 na gida suka ci. Don haka a riƙa ware lambobin waje a yi musu lissafinsu daban, a kuma tambayi kamfani ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari yana cikin farashin da ya faɗa.

Akwai wurare biyu da kuɗi ke zurarewa ba a lura ba. Saƙon da ake cusa sunan ɗalibi a ciki yana iya tsallake 160 idan sunan ya yi tsawo, don haka da suna mafi tsawo ake auna shi. Kamfanoni da dama kuma suna cire kuɗi da zarar an tura saƙo, ko ya isa ko bai isa ba, shi ya sa matattun lambobi ke cin kuɗi kowane mako.

A ƙarshen wata, a buɗe rahoton kamfani a raba adadin shafukan da aka biya da adadin saƙonnin da aka tura. Idan an tsara shafi ɗaya amma amsar ta fito 2 ko 3, to tsawo ne ko harafi ya jawo. Idan kuwa rahoton ya nuna saƙonni da yawa ba su isa ba, sai a share matattun lambobi, waɗanda ke kan DND kuma a mayar da sanarwarsu hanyar hulɗa, a sake lissafin da farashinta.