Me ya sa abin da ka liƙa a hoto yake shawagi? Duba inuwarsa

Yayata tana sayar da kulolin abinci a WhatsApp. Kwanaki ta turo min hoton wata kula da ta ɗauka a shago, ta ce in cire ta daga cikin tarkacen kwalaye in ɗora ta a wani wuri mai kyau. Na yanke ta tsaf, na ɗora a hoton wani tsakar gida mai daɓen siminti, na danna Drop Shadow, na tura mata. Ba a yi minti biyu ba ta amso: "Kai ƙanena, wannan kular tashi sama za ta yi ne?"

Gaskiyarta. Yankan ba shi da aibu, kalar ma ta dace, amma kular ba ta zauna a ƙasa ba. Drop Shadow kwafin surar abu yake yi ya ɗan gusar da shi gefe, kamar takardar da aka manna a bango. Abin da ke tsaye a ƙasa kuwa inuwarsa daga gindinsa take farawa ta kwanta. Kuma ba kai ne za ka zaɓa mata inda za ta nufa ba, hoton da za ka liƙa abin a kai ya riga ya zaɓa. Naka kawai ka karanta.

Da na koma hoton tsakar gidan, sai na nemi wani abu tsayayye mai inuwa. Akwai turmi a gefe. Inuwarsa ta kwanta dama, ta ɗan karkato wajen mai ɗaukar hoto, ke nan rana tana hagu, ta ɗan baya. Na auna: tsayin turmin fiksel 300 ne a hoton, inuwarsa 450, wato ta ninka tsayinsa sau ɗaya da rabi. Kular da na ajiye kusa da shi tsayinta fiksel 400, don haka inuwarta za ta kai 600, kuma ta bi inda ta turmin ta bi. Wannan awon yana aiki ne idan abubuwan biyu suna kusa da juna. Idan ɗaya yana can ƙuryar hoto ɗaya yana gaba, lissafin zai ɗan kauce.

A ibisPaint X na yi aikin, amma duk manhajar da ke da leya za ta iya. Na kwafi leyar kular, na kunna Alpha Lock na shafe kwafin da launi mai duhu, na kashe Alpha Lock ɗin, sannan na mayar da kwafin ƙarƙashin kular. Daga nan na shiga Transform na zaɓi Perspective Form, na bar kusurwoyin ƙasa biyu a gindin kular, na ja na sama biyu zuwa dama har suka kwanta a kan simintin.

Akwai gwajin da masu binciken hotunan bogi suke yi, kai ma za ka iya yi wa kanka. Buɗe sabuwar leya, ka ja miƙaƙƙen layi daga ƙarshen inuwar turmi ya ratsa ta bakin turmin ya wuce. Ka ja wani daga ƙarshen inuwar kula ya ratsa ta murfinta. Ka ƙara na uku da wani abin, ko da bokiti ne. Idan haske ɗaya ne ya haska su, layukan za su haɗu a wuri guda, ko da a wajen hoton ne, ko kuma su tafi a jere ba tare da sun gitta juna ba idan ranar tana gefe sosai. Layin da ya ware shi kaɗai, inuwarsa ce ta ƙarya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne laushin bakin inuwa. Da yawanmu muna jan Gaussian Blur zuwa 40 ko 50 saboda muna ganin dushi-dushi ya fi kyau. Amma kaifin inuwa ya dogara ne da abu biyu: girman abin da ke ba da haske, da nisan da ke tsakanin abu da inda inuwarsa ta sauka. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne kacal, shi ya sa inuwarta take da kaifi. A kowace mita ɗaya ta nisa, bakin inuwar yana dushewa da kusan santimita ɗaya ne kawai.

Mu ɗauki kular. Tsayinta santimita 40, inuwarta 60, nisan murfinta zuwa ƙarshen inuwar ya kai santimita 70 da 'yan kai. Dushewar bakin inuwar a can ƙarshe ba za ta wuce santimita ɗaya da ɗan abu ba, wato fiksel 10 ko kusa da haka, tunda kowace santimita fiksel 10 ce a hoton nan. A gindi kuwa, inda kular ta taɓa ƙasa, babu nisa, babu dushewa. Saboda haka inuwa guda ba ta da laushi iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ni leya biyu na yi: ɗaya da Gaussian Blur a kan 1, ɗaya a kan 5. Na goge ƙarshen ta farkon da magogi mai laushi, na goge gindin ta biyun, suka haɗu a tsakiya. Lambobin nan suna canzawa da girman hoto, don haka ka zuƙo inuwar turmin ka kwatanta da idonka.

Da a ce an ɗauki hoton ranar da hazo ya yi kauri ko hadari ya rufe rana, da labari ya sha bamban. A ranar, sararin sama gaba ɗaya ne fitilar, inuwa ba ta da baki, wani lokaci ma ba ta nufi ko'ina ba, sai ɗan duhu a kewayen gindi. Wanda ya zana doguwar inuwa mai kaifi a irin wannan hoto ya tona wa kansa asiri.

Kada ka yi amfani da baƙi ƙirin. Hasken sama da na bango suna shiga cikin inuwa, shi ya sa kake ganin tsagar siminti a cikinta. Ɗauko launin daga inuwar turmin da Eyedropper, ka sa leyar a Multiply, ka rage Opacity har duhun biyun ya zo ɗaya. Sannan ka ƙara wani siririn layi mai duhu sosai daidai inda gindin ya taɓa ƙasa, faɗin fiksel 3 ko 4. Wannan ɗan layin, a ganina, ya fi doguwar inuwar aiki wajen zaunar da abu.

Bayan duk wannan, hoton bai gamsar da ni ba, kuma na daɗe kafin in gano dalili. A shago, haske ta ƙofa ya shigo daga dama, don haka gefen dama na kular ne ke ƙyalli, ga shi inuwar da na zana ita ma tana dama. Abu ba ya haske ta ɓangaren da inuwarsa take. Na so in juya kular, sai rubutun jikinta ya koma baibai. Sai na juya hoton tsakar gidan da babu rubutu a ciki, rana ta dawo dama, na sake jan inuwar zuwa hagu.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne taushin hasken shago a jikin kular, wanda bai kai zafin ranar tsakar gida ba. Na ɗan ƙara duhu a gefenta na hagu, ya rage. Kula ta biyu da Yaya ta turo, sai na ce ta fito da ita waje da la'asar, ta tsaya rana tana hannun damanta, ta ɗauka.