Inji ɗaya, lissafi biyu: na akanta da na mai haraji

A ce wani mai masana'antar ruwan leda a Kumasi ya sayi inji a kan sidi 100,000 ranar 1 ga Janairu. Akantansa zai ƙiyasta cewa injin zai yi shekara biyar yana aiki, sai ya riƙa cire 20,000 daga riba kowace shekara. Wannan ita ce raguwar daraja ta littafi, kuma ƙiyasi ce kawai. Wani akantan zai iya cewa shekara takwas.

Shi ya sa hukumar haraji ba ta karɓarta. Da kowa zai yanka wa kansa, da mai son gudun haraji ya ce injinsa shekara biyu zai yi. A Gana, dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 ita ta tsayar da rangwamen da ake yi a kan kayan jari: kwamfuta kashi 40 cikin ɗari, motoci da injinan masana'antu kashi 30. Ba daga kuɗin saye ake cire kason kullum ba, daga abin da ya saura ne.

Shekarar farko rangwamen injin namu 30,000 ne, saura 70,000. A ta biyu kashi 30 na 70,000 za a ɗauka, wato 21,000, saura 49,000. Ta uku 14,700, ta huɗu 10,290, ta biyar 7,203. A lokacin littafin akanta ya cinye injin ƙarƙaf, amma a wajen hukuma da sauran 16,807 da za a ci gaba da gutsura.

To, ina wannan ke taɓa aljihu? A ce littafi na nuna ribar 60,000 duk shekara. Kafin a yanka haraji sai a mayar da 20,000 ɗin akanta cikin riba, ta koma 80,000, sannan a cire rangwamen doka. Shekarar farko a kan 50,000 za a biya haraji. A ta uku kuwa a kan 65,300 ne, alhali ciniki bai ƙaru da ko kwabo ba. Nan ne nake tausaya wa ƙananan 'yan kasuwa, don da yawa sukan ɗauka sauƙin farkon zai ɗore, su kashe abin da ya kamata su ajiye. Rangwamen bai fi kuɗin injin ba, an dai tura mafi tsokarsa shekarun farko ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cire 30,000 kowace shekara. Gane shi ba wuya: a tara rangwamen shekara biyar, za a ga 150,000 a kan injin 100,000. Wanda kuma ya sayi nasa a tsakiyar shekara ya bincika ko za a rage masa rangwamen farko gwargwadon kwanakin da injin ya yi aiki.