Da Sauran Rina a Kaba: Yaya Ake Faɗin Irin Wannan da Turanci a Hira?

A watan Fabrairun 2017, Paris Saint-Germain ta lallasa Barcelona da ci 4 da nema a Gasar Zakarun Turai. Duk mai goyon bayan Barcelona da aka tsokana a daren nan a gidan kallon ƙwallo, a Kano ko a Maraɗi, amsa ɗaya gare shi: "Da sauran rina a kaba." Kuma da sauran kuwa, domin a watan Maris Barcelona ta rama da ci 6 da 1. To, a ce mai tsokanar ba Bahaushe ba ne, abokin karatu ne ɗan Inugu da ya turo saƙo ta WhatsApp, me Bahaushen zai rubuta masa?

Abin da ke fara zuwa wa mutane shi ne su bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya: "There are still wasps left in the palm leaves." Kalmomin ba su da laifi. Kaba ganyen ƙaramar goruba ce da ake saƙa tabarma da ita, rina kuwa ƙwaro ne mai harbi, kuma muddin da sauransa a cikin kabar aiki bai ƙare ba. Sai dai ɗan Inugu zai tsaya yana tunanin me ya haɗa ganye da ƙwallo, ya turo alamar tambaya, raha ta koma darasi. Shi kuwa Bahaushen da ya furta maganar ko kusa bai tuna da tabarma ba. Abin da ke ransa shi ne wasa bai ƙare ba, a daina murna da wuri. Saboda haka "It's not over yet" ta ishe shi, in yana son ɗan yaji ya ƙara da "don't celebrate yet."

Irin waɗannan maganganu suna da zubin karin magana, amma a bakin mutane sun zama kayan hirar yau da kullum, ana jefa su ba tare da niyyar koya wa kowa hikima ba. Mai juya su zuwa Turanci aikinsa shi ne ya gane me maganar take yi a wannan wurin, lallashi ne, tsokana, gargaɗi ko nuna halin ko-in-kula, sannan ya nemi abin da mai Turanci zai faɗa don yin wannan aikin, da irin wannan sauƙin.

Turawan da suka tattara karin maganganun Hausa wata manufa ce daban gare su. G. Merrick ya wallafa nasa a 1905, C. E. J. Whitting a 1940, sai A. H. M. Kirk-Greene da ya fitar da Hausa Ba Dabo Ba Ne a 1966, mai ɗauke da karin magana ɗari biyar. Sun yi wa mai koyon harshe aiki ne, wanda ke son ya ga yadda aka gina jimla da hoton da ke cikinta, kuma a wannan fage fassarar kalma da kalma tana da amfani ƙwarai. Hira kuwa ba ta jiran bayani.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma waɗanda suka iya Turanci sosai su suka fi faɗawa cikinsa. Shi ne a ɗauko karin maganar Turanci mai kama da ta Hausa a ɗora, a ɗauka an gama.

A duba "ruwa ba ya tsami banza." Wata ma'aikaciya ce a Abuja, shugabanta da bai cika amsa gaisuwa ba ya wayi gari yana tambayar lafiyar 'ya'yanta, har da sayo wa kowa abincin rana. Da Bahaushiya take zance, da sai ta ce ruwa ba ya tsami banza, su kwashe da dariya. Amma abokiyar aikinta 'yar Kenya ce, sai ta rubuta mata "No smoke without fire." A ido sun yi kama, domin duk biyun suna cewa abu yana da sanadi. Amma mai Turanci yana faɗin tasa ne idan ana raɗe-raɗi a kan wani, yana nufin tunda ana ta zarginsa, to akwai ƙamshin gaskiya. Shi ya sa amsar da za ta dawo ita ce "wace jita-jita kika ji a kansa?", alhali ba jita-jitar da aka yi. Ba da niyya ba, ta shafa wa mutum zargi. Abin da ta so faɗi bai wuce "Something's up" ba, ko "He wants something."

Haka "sannu ba ta hana zuwa." Takwarar da ake yawan liƙa mata ita ce "slow and steady wins the race," wadda ta samo asali daga tatsuniyar Girkawa ta tseren kunkuru da zomo. Wannan tana alkawarin nasara a kan abokin takara. Ta Hausa ba ta san da wata takara ba, kuma cikonta ma ya amince da jinkirin: sai dai a daɗe ba a je ba. Mai lallashin abokin da ginin gidansa ya tsaya a linta ba tsere yake masa bushara da shi ba, kwantar masa da hankali yake yi. "No rush, you'll get there" ta fi kusa da zuciyar maganar. Ga kuma wani abu: a hirar Turanci ta yau, cikakkiyar karin magana takan yi nauyi, ta sa mai faɗinta ya yi kama da mai wa'azi, alhali a Hausa ɗan shekara ashirin yana jefa wa tsaransa ita ba wanda zai ji wani iri.

Inda kuskure ya fi ciwo shi ne wajen jaje. "Sai haƙuri" ga wanda aka yi wa rasuwa tausayawa ce da tarayya cikin baƙin ciki. Idan aka mai da ita "Be patient," wanda ya tashi da Turanci zai iya jin kamar ana ce masa ya daina ƙorafi. "I'm so sorry" ita ce ke ɗaukar wannan nauyin.

Ba a ce kullum a zubar da hoton ba, domin wani lokaci shi ne daɗin zancen, kuma hasara ce a hana aboki jin sa. Dabarar ita ce a fara ba da ma'ana, hoton ya biyo baya a taƙaice. Wanda zai yi gargaɗi da "kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa" zai iya cewa "That's on him," sannan ya ƙara da cewa a Hausa mukan ce wanda ya ɗebo abinci da zafi bakinsa zai ƙona. Wannan hoton yana tsallakawa lafiya, tunda duk ɗan Adam ya taɓa ƙona harshe. "Ko a jikina, an tsikari kakkausa" kuwa tana buƙatar dogon sharhi, don haka a hira "Doesn't bother me" ta wadatar.

Gwajin da mai karatu zai iya yi kafin ya tura saƙo mai sauƙi ne. Ya tambayi kansa wace amsa Bahaushe zai mayar in ya ji maganar, dariya, godiya ko ramuwar tsokana, sannan ya duba ko Turancin da ya rubuta zai jawo irin wannan amsar. In ya ga abin da zai dawo tambaya ce, ko ɓacin ran da bai nufa ba, to ya goge ya rubuta abin da yake nufi kai tsaye.