Manazarta Mai Sharhi: Misali Daga Tarihin Ganuwar Kano

Manazarta ita ce jerin littattafai da maƙaloli da ɗalibi ya duba yayin bincike. Idan aka bi kowane aiki da ɗan sakin layi da ke bayaninsa, to ta zama manazarta mai sharhi. Irin wannan sakin layi yakan sauke nauyi uku: ya taƙaita abin da aikin ya ƙunsa, ya auna ingancinsa, sannan ya nuna inda ya shafi tambayar da ɗalibin yake son amsawa. Na ukun nan shi ne ginshiƙi, domin shi ke tantance abin da za a taƙaita da abin da za a auna.

A ɗauka cewa ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero yana tambaya: yaushe aka fara gina ganuwar Kano? Aikin da zai fara cin karo da shi shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, daga baya fassarar Hausa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Bayan ɗalibin ya rubuta sunan mai fassara da shekara da sunan aikin da inda aka buga shi, sharhinsa zai iya zuwa kamar haka:

"Wannan aiki ya jero sarakunan Kano 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, tare da tsawon mulkin kowannensu. Game da ganuwa, ya nuna cewa Gijimasu ne ya fara ta, ɗansa Tsaraki ya kammala, sannan Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Sai dai masana irin su John Hunwick suna ganin an harhaɗa littafin ne a ƙarshen ƙarni na 19, wato fiye da shekara 700 bayan Gijimasu. Haka kuma shekarun 1095 zuwa 1134 da ake ba Gijimasu lissafin mai fassara ne. Saboda haka wannan bincike zai dogara da aikin wajen sanin wanda Kanawa suke jingina wa ginin da yadda matakansa suka biyo juna, amma zai nemi shekarun ginin a binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa."

Abin lura na farko shi ne taƙaitawar. Littafin cike yake da labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, da yaƙe-yaƙe da Katsina, amma sharhin bai taɓa ko ɗaya ba, domin ba su amsa tambayar ganuwa. Da tambayar ta shafi shigowar Musulunci ce, da Yaji ne zai cika sakin layin, a bar Gijimasu.

Aunawa kuwa ita ce inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sau da yawa sukan rubuta cewa littafi "yana da matuƙar amfani", su tsaya a nan, alhali wannan yabo ne kawai. Aunawa ta gaskiya takan tambayi wanda ya rubuta aikin, da lokacin da ya rubuta, da inda ya samo labarinsa. A misalin nan, asalin littafin tsawon mulki yake bayarwa, wato wane ya yi shekara kaza a kan gado. Ana samun shekarar hawan sarki ne ta hanyar tara waɗannan adadi a koma baya daga wani lokaci sananne, kamar faɗuwar Sarki Alwali a 1807. Idan mai ba da labari ya ƙara wa sarki ɗaya shekara 10, ko ya tsallake wani sarki, duk waɗanda suka gabace shi za su goce daga muhallinsu. Ɗalibin da bai gane haka ba zai rubuta 1095 a kundinsa tamkar wani ne ya shaida ranar da aka aza tubalin farko.

Jumlar ƙarshe ta sharhin ita ce ke ɗaure aikin da tambaya. Ta faɗi abin da za a karɓa, ta faɗi abin da ba za a karɓa ba sai da wata hujja, ta kuma nuna inda za a nufa. Daga nan ɗalibin ya san cewa aiki na gaba a jerinsa ya kamata ya zama wanda ya binciki ganuwar kanta da ƙofofinta, kamar nazarin Bawuro Barkindo kan ƙofofin birnin Kano na 1983.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada sharhi kafin a miƙa wa malami. A rufe sunan aikin da tafin hannu, a karanta sakin layin. Idan zai dace da kowane littafin tarihin Kano, aikin bai karantu ba. Idan kuma mai karatu bai iya gano tambayar ɗalibin daga cikinsa ba, to an yi taƙaitawa ne kawai, sauran nauyi biyun suna nan ba a sauke ba.