Yadda Ake Tantance Daftarin Waƙa

Wanda aka ba daftarin waƙa ya duba, ya fara da rera ta da ƙarfi, domin kunne yakan riga ido gano karaya. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne bisa gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe, a ƙirga gaɓoɓin ɗangon, a gwada su da na ɗan'uwansa.

A ce wani ya rubuta: "Damina ta zo, muna ta murna da farin ciki." Murna da farin ciki abu guda ne, saboda haka ɗaya cikon awo ne kawai. Kuma ɗangon bai nuna mana komai ba. Idan ya koma "Kwaɗi sun cika fadama da kuka," mai sauraro ya ji damina da kunnensa, ba sai an ambace ta ba.

Wani ɗangon kuma gazawa yake yi. "Ta tafi" kaɗai, ba a san wace ce ba, yakan bar mai sauraro cikin duhu. A ƙarshe a duba amsa-amo: kalmar da aka jawo don ta ƙare da "wa" kawai, a cire ta.